Rumbun Kawu da Shirun Ɗan'uwa

Ofishin Kawu a Dutse ɗaki uku ne a saman wani shagon taya. Na farko na sakatariya ne da masu jiran ganin lauya, na biyu nasa ne, na ukun kuma, wanda ke can ƙurya, shi ne nawa. Taga ɗaya gare shi, tana kallon bayan wani gini da kan wata bishiyar dabino. Sauran bangon duk kantoci ne cike da littattafan rahoton shari'a. Idan mai taya ya tayar da injin iskarsa, teburina har rawa yake yi. A wannan ɗakin na yi ƙuruciyata ta aikin lauya, in dai za a kira abin da na yi aikin lauya.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Ranar da aka rantsar da ni lauya shi ya fi kowa murna. Ya sayo mini hular gashin nan ta lauyoyi a cikin gwangwaninta, ya ce in na gama bautar ƙasa ba inda za ni, ga ofis a gida. Na zo da zumuɗina. Na riga na gwada tsayuwa a gaban madubi, na gwada yadda zan sunkuya wa alƙali, har muryar da zan yi magana da ita na zaɓa. Abin da nake so ke nan tun farko, in tsaya a kotu in yi magana da bakina.

Makon farko ya kai ni ɗakin ƙurya, ya nuna mini wasu kwalaye a ƙarƙashin tebur. Rubuce-rubucensa ne na shekara da shekaru. Duk hukuncin da ya karanta yakan ɗan taƙaita shi, wani a bayan ambulan, wani a takardar gayyatar ɗaurin aure, wani a gefen jarida. Ya ce yana da hatsi amma a zube yake a masussuka, gero da dawa da maiwa duk a haɗe, yana so in ware masa in zuba a rumbu. Lauyoyi daijes suke cewa, shi kuwa rumbu ya ce, kuma sunan ya bi shi har yau.

"Wata uku zai ɗauke ki, Uwata," in ji shi. "Idan kin gama sai mu fara fita kotu tare."

Ban ga abin tsoro a maganar ba. Wa ke tsoron wata uku?

Aikin kuwa ga yadda yake. Ba a jera hukunci da sunan masu shari'a ko da shekararsa, domin lauyan da ke neman mafita ba suna yake nema ba, matsala ce a hannunsa. Saboda haka matsalolin ake mayarwa kanun magana: hurumin kotu, nauyin kawo hujja, shaida, rantsuwa, gado, jingina, iyakar gona, da sauransu. Kowane hukunci sai in karanta shi daga farko har ƙarshe, ba na dogara da taƙaitawar da masu buga littafin suke sawa a sama, domin ta sha yaudarar mutane. Sai in ɗauki kati in rubuta sunan shari'ar, da littafi da shafin da take, da kotun da ta yanke, da abin da ya faru a layi biyu ko uku, da tambayar da kotu ta amsa, da amsar. Hukunci ɗaya yana iya amsa tambaya huɗu, to kati huɗu ke nan, kowanne a ƙarƙashin kansa, kowanne yana nuni zuwa ga 'yan'uwansa. A cikin kowane kai Kotun Ƙoli ce a gaba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan na ƙasa da su, domin maganar babba ita ke ɗaure ƙarami.

Inda wuyar take shi ne raba ƙashin hukunci da maganar gefen hanya. Sunayen Latin gare su, amma haka Kawu yake kiransu. Ƙashi shi ne dalilin da hukuncin ya tsaya a kai, wanda in ka zare shi hukuncin zai zube. Maganar gefen hanya kuwa ita ce abin da alƙali ya faɗa yana wucewa, wadda ba ta ɗaure kowa ko da ta fi ƙashin daɗin ji. Alƙalai mutane ne, wani in ya sami alƙalami sai ya yi ta wa'azi shafi biyar kafin ya dawo kan gonar da ake rigima. Nakan rubuta ƙashi da baƙin biro, maganar gefe da kore. Idan kotun sama ta rushe wani hukunci daga baya, sai in koma in nemo duk katunansa in ja musu jan layi in rubuta wanda ya rushe shi. Ba a yar da su. Kawu ya ce mushe ma a san inda yake, kada wani ya kawo maka shi a kotu ya ce yanka ne.

Ba zan yi ƙarya ba, shekarar farko na ji daɗin aikin. Akwai wani daɗi a ganin hukunci goma da ba su san juna ba sun zo sun zauna a layi ɗaya, sai ka ga ashe magana guda suke yi. Kwalayen Kawu suka ƙare a wata na bakwai. Na je na gaya masa na gama. Ya duba ya yaba, har ya kira abokinsa ya nuna masa. Sannan ya miƙo mini sababbin littattafai da suka iso daga Kano a makon, ya ce in shigar da su tukuna kada rumbun ya tsufa tun bai yi amfani ba.

A nan ne ya kamata in gane. Kotuna ba sa daina yanke hukunci. Duk Juma'a wani abu na fitowa daga sama, wani ya ƙarfafa tsohon ra'ayi, wani ya karkatar da shi, wani ya binne shi. Aikin da aka ce in na gama zan fita, aiki ne da ba a gamawa, kamar a ce wa mutum ya zauna a bakin kogin Ringim in ruwan ya gama wucewa ya haye.

Daga baya muka sayi kwamfuta na mayar da komai ciki, muka kuma shiga biyan kuɗin karanta hukunci ta intanet. Na ɗauka sauƙi ya zo. Ashe ƙofa na buɗe wa ambaliya, domin da littafi sai ya yi wata a hanya, yanzu kuwa hukuncin safe yana teburina kafin la'asar. Kawu kuma bai yarda da allon kwamfuta ba. Kati yake so a hannunsa, saboda haka duk abin da na shigar sai na buga na yanka. Sannu a hankali ya fara cewa in ƙara girman rubutun, wai injin buga takardarmu ba ya fitar da baƙi sosai. Na ƙara. Bayan wani lokaci ya ce in sake ƙarawa. Ya kuma tsiri wata ɗabi'a, duk jajibirin zama sai ya kira ni in karanta masa katunan da babbar murya yana kishingiɗe ido a rufe, ya ce ta kunne abu ya fi zama masa. Na ɗauka tsufa ne da son a yi masa hidima.

Ƙananan lauyoyi suka yi ta zuwa suna tafiya. Yaro zai zo bautar ƙasa bai san bambancin ƙashi da maganar gefe ba, ya leƙo ɗakina ya ce, "Anti, me muke da shi a kan jingina?" In zaro masa, ya saka a jaka, ya bi Kawu kotu yana ɗauke da rigarsa. Bayan shekara biyu sai ka ji ya buɗe ofishinsa a Haɗeja ko Kano. Ni kuwa hulata na cikin gwangwani a saman kanta, sai dai in sauko da ita in kaɗe. Haushi nake ji, haushi mai tsanani, kuma mafi yawansa a kan yaran nake saukewa, alhali ba su yi mini komai ba. Sakatariyarmu, wata Kirista 'yar Filato da ta girme ni, takan ce in na fito da fuskar nan ko mai taya sai ya kashe injinsa.

Na sha yin niyyar magana. Zan shirya kalmomina tun daga gida, in shiga ofishinsa, in durƙusa in gaishe shi, sai ya ɗago ya ce, "Uwata, an tashi lafiya?" Shi ke nan, sai maganar ta narke. Ta ina za ka fara ce wa mutumin da ya goya ka zuwa asibiti a bayansa ya tauye ka? Na gaya wa Inna, mahaifiyata, ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce mata ai ni a Dutsen nake zaune, kuma har yanzu ban ga romo ba. Ta yi dariya ta ce bakina ya fi ƙarfin kotu, gara da aka ajiye ni a ɗaki. Mijina ya ce in nemi aiki a ma'aikata. Na karɓo takardar neman aikin har sau biyu, amma dole sai da sa hannun shugaban ofishin da kake, ban iya kai masa ba.

Kan da ya fi kowanne kauri a rumbun shi ne hauzi, domin yawancin masu zuwa wurinmu manoma ne daga Jahun da Miga da ƙauyukan Ringim, kuma rigimarsu gona ce. Hauzi a fiƙihun Malikiyya shi ne daɗewar abu a hannun mutum. Idan wani yana noma gona yana cewa tasa ce, kai kuma kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana, ka yi shiru har shekara goma, to in ka zo daga baya ka ce taka ce ba za a saurare ka ba. Shiru ma magana ce, in ji Hausawa, kuma a nan shari'a ta yarda da su. Amma ƙarƙashin wannan kan na buɗe ƙananan kanu da yawa na inda hauzi ba ya cin mutum: wanda ba ya gari, wanda yake yaro a lokacin, wanda tsoron mai iko ya rufe masa baki, da gonar da tun asali aro ce ko jingina ko amana. Sai na ƙarshe, wanda na sa wa suna shirun ɗan'uwa. Tsakanin dangi da surukai ba a ƙirga goma, sai an kai arba'in, domin an san kunya da kara suna hana mutum tayar da ɗan'uwansa. Sai dai in an tabbatar akwai gaba a tsakaninsu, to a nan sun zama kamar bare, goma ta isa.

Ina gab da cika shekara goma a ɗakin nan wani dattijo ya zo daga wajen Miga. Siriri ne, yana dogara sanda, da 'yar jakar leda da ya naɗe takardunsa a ciki. Kawu ya kira ni in zauna in ji. Mahaifin dattijon ya rasu ya bar masa gona a bakin fadama, ƙanen mahaifin ya shiga yana nomawa, shi kuma ya koma wata 'yar jigawa da ba ta ba da komai. Baffan ya rasu, 'ya'yansa suka ci gaba, har suka fara cewa gadonsu ce. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Da ya kai ƙara, kotun ƙasa ba ta ma saurari shaidunsa ba, ta ce hauzi ya cinye shi. Ya ɗaukaka zuwa ta gaba, ita ma ta tabbatar.

Kawu ya tambaye shi me ya hana shi magana tun da wuri. Dattijon ya dube shi kamar ya yi tambayar yara.

"Ranka ya daɗe, ƙanen ubana ne fa. A kwano ɗaya muke ci. Da wane bakin zan ce masa tashi daga gonata? Kullum cewa yake in an yi girbi za mu zauna."

Na sunkuyar da kai ina rubutu. In an yi girbi. Ai kowace shekara ana girbi.

Kafin dattijon ya sauka daga bene na riga na san shari'ar daga kai har ƙafa. Da farko na duba kan hurumi, domin a nan ake yawan faɗuwa: rigimar mallaka ce, ba rabon gado ba, saboda haka Babbar Kotu za mu, ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ba. Sannan na zaro katunan shirun ɗan'uwa na jera su, na sama a gaba. Ni na rubuta dalilan ɗaukaka ƙarar, ni na rubuta jawabin. A karon farko na ji ba zan iya miƙa wa wani yaro ba. Na shiga wurin Kawu ban durƙusa ba, don na san in na durƙusa ba zan faɗa ba, na ce ina so in je wannan zaman.

Ya ce to, in zo da hulata. A lokacin ba mu da ɗan bautar ƙasa, na wancan zangon ya tafi, sabo bai iso ba.

Ranar zaman na ɗora hular a kan ɗankwalina, tana warin gwangwani. Alƙalai biyu ne a sama. Kawu ya miƙe ya gabatar da kansa, ya ce tare da shi akwai, sai ya ɗan tsaya, ya faɗi harafin farko na sunana da sunan mahaifina. Haka lauyoyi da yawa suke yi, ba wanda ya lura. Ni na san ko a gaban kotu ba zai iya kama sunan uwarsa ba. Harafi ɗaya na samu a littafin kotu, kuma wallahi na ji daɗinsa.

Kawu ya yi jawabinsa ba tare da ya dubi takarda ba, yana kawo shari'a bayan shari'a da littafi da shafi, kamar mai karanta hadda. Kalmomina ne, har inda na sa numfashi a nan yake tsayawa. Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe, wani matashi mai kaifin baki. Bai musa maganar arba'in ba. Ya ce amma dangin nan ba sa ga maciji, an taɓa faɗa a kan wata akuya har ta kai ga mai unguwa, saboda haka bare ne a idon shari'a. Ya kawo wani hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya karanta inda alƙali ya ce ko ɗan saɓani tsakanin dangi yana iya mayar da wa'adin goma.

Ba mu shirya wa wannan hukuncin ba, ban karanta wa Kawu shi a jajibiri ba. Amma na san shi. Yana cikin gwangwanin katunan da na taho da shi, kuma da kore aka buga wannan layin. A waccan shari'ar gonar aro ce, an tabbatar da aron, a kan haka aka yanke, hauzi bai ma shigo ba. Maganar saɓanin alƙali ɗaya ne ya faɗe ta yana wucewa. Bayan haka, batun akuyar ba ya cikin kundin shari'ar kotun ƙasa, ba wanda ya ba da shaida a kai. Na zaro katin na sa a hannun Kawu.

Ya karɓa. Ya kawo shi kusa da fuskarsa, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen taga. Rubutun nan manya ne, daga bencin baya ma ana iya karantawa. Na ga babban yatsansa yana shafa katin yana neman abin da ido bai ba shi ba. Alƙalin da ke jagorantar zaman ya tambaya ko yana da martani. Kawu ya miƙe da katin a hannu, bakinsa a rufe.

A wannan tsayuwar na fahimci girman rubutu, da karatun jajibiri, da dalilin da ya sa ya daina tuƙi ya ce wai bayansa ne. Na kuma san cewa kalma kaɗan ta ishe shi: ya ce abokiyar aikinsa za ta amsa wannan. Babban lauya yana da damar yin haka, ana yi kullum. Na riga na ɗora hannu a kan tebur zan tashi. Sai ya sunkuyo kamar mai neman wata takarda, ya kawo kunnensa saitin bakina.

Na raɗa masa. Aro ne ƙashin, saɓani maganar gefe ce, ga shafin, kuma akuya ba ta cikin kundi. Ya miƙe ya faɗa da muryarsa mai cika ɗaki, har ya ƙara da barkwanci a kan akuyar da ba ta ba da shaida ba, alƙalan suka murmusa. Lauyoyin da ke bayanmu suna ta gyaɗa kai, na ji wani yana cewa tsohon nan kansa kwamfuta ne.

A mota ba wanda ya yi magana saboda direba. Da muka hau bene ya ce in rufe ƙofa. Ya zauna ya cire tabaransa ya ajiye, ya ce tun shekara uku da suka wuce likita a Kano ya gaya masa jijiyar idon ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage gudun abin. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma layin rubutu ya tafi. Ko matarsa ba ta san iyakar abin ba. Ya ce ranar da aka sani a garin nan, ranar ofishin zai mutu, domin ba mai kawo gonarsa wurin lauyan da ba ya ganin takarda.

Na ji tausayinsa, kuma na ji haushinsa a lokaci guda, ban san wanda ya fi ba. Shekara uku ya ce. Sauran shekarun da suka gabata fa, lokacin da idonsa garau? Wannan ban tambaya ba. Abin da na ce shi ne, "Kawu, to ka bar ni in riƙa tsayawa, kai kana zaune a gefena. Ba wanda zai gane."

"Za su gane, Uwata. Kuma in kina kotu kullum, wa zai riƙe rumbun? In ya kwana wata biyu ba a zuba ba, ni da ke duk makafi ne." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. In muka sami yaro mai hankali kika koya masa, sai ki fito."

Na san yaran. Mai hankalin cikinsu shi ne ke fara tafiya. Na kuma san, daga katunana, cewa a ra'ayi mafi ƙarfi ƙorafin da aka yi a ɗaki ba ya katse hauzi, sai wanda aka kai gaban mahukunta. To ni gaban wa zan kai Kawu? Na ce masa to. Da bakina na faɗa.

Babbar Kotu ta rushe hukuncin, ta ce kuskure ne a ƙirga wa dangi goma ba tare da an tabbatar da gaba ba, ta mayar da shari'ar wata kotun a saurari shaidu daga farko. Aka sake ɗaukar lokaci, damina biyu ta wuce. A ƙarshe dattawan garin suka ba da shaida, aka ba dattijon gonarsa. Ya zo godiya da buhun shinkafa 'yar gida, amma bai iya hawa benen ba, sai ni na sauka na same shi a kan bencin mai taya. Na yi masa murna, na ce bana sai noman fadama.

Ya yi dariya ya bubbuga gwiwarsa da sanda. "'Yata, wane noma? Da a ce lokacin da nake iya sunkuyawa ne. Yanzu sai dai a kai ni in zauna a gindin tsamiya in kalle ta. Amma dai tawa ce, an rubuta."

Ya ce zai ba ɗaya daga cikin 'ya'yan baffan nasa ya ci gaba da nomawa, tunda su suka saba da ita, nasa 'ya'yan duk suna birni.

Na koma sama. Kwafin hukuncin Babbar Kotun mai hatimi yana kan teburina tun tuni, na yi ta ɗaga shigar da shi. Ranar na zauna na yi masa kati. Ba a buga shi a littafi ba, saboda haka lambar ƙarar na sa, na ajiye shi a bayan na manyan kotuna inda matsayinsa yake. Ƙashinsa layi biyu ne: shirun ɗan'uwa ba yarda ba ne, kuma ba ya cin haƙƙinsa sai an kai arba'in. Na karanta layin, na yi lissafin da ban so yi ba. Shari'a ta yi mini adalci, ta ba ni sauran shekara kusan talatin in ci gaba da yin shiru ba tare da na rasa komai ba, sai gwiwa.

Yanzu ina zuwa kotu duk ranar da Kawu zai je. Ina sa hulata, ina zama a hagunsa da gwangwanin katuna, yana faɗin harafina, in an matsa shi ya sunkuyo. Lauyoyin Dutse suna ce mini 'yar gatan Kawu. In mun dawo na wuce ɗakin ƙurya, domin hukunce-hukuncen ranar Juma'a suna jira. Jiya ya leƙo ya tambaya ko na kusa gamawa, yana so in karanta masa na gobe. Na ce masa saura kaɗan.